"Suna hanya": nazarin saƙon ban haƙurin da sai a karo na uku ya karɓu

## Shagon da mai shi

Mai shagon ƙanena ne, kuma da izininsa nake ba da wannan labari. Kayan makaranta na yara yake sayarwa: jakunkuna, takalma, safa da gorar ruwa. Yawancin cinikinsa ta waya ne. Mutum ya ga hoto, ya zaɓa, ya turo kuɗi, shi kuma ya ɗaure kaya ya miƙa wa kamfanin kai kaya. Yaron shago ɗaya gare shi. Duk wani saƙo da ya fita daga shagon ƙanen nawa ke rubutawa da hannunsa, sau da yawa yana tsaye, wani na gabansa yana taya jaka.

Ni kuma na yi shekaru ina aiki a teburin karɓar ƙorafin masu sayayya, shi ya sa idan ta kwaɓe masa ni yake nema. Ranaku da sa'o'in da ke ƙasa daga wayarsa na ɗauko su, da takardar da kamfanin kai kayan ya liƙa a jikin kwalin.

Matar da abin ya shafa ta taɓa saya a wurinsa sau biyu, lafiya lau. Wannan ne karo na uku.

## Litinin zuwa Laraba: takalmi lamba 34

Ranar Litinin da ƙarfe 11 na safe ta yi odar jakunkuna uku da takalman makaranta baƙaƙe na yaranta uku. Ta faɗa a saƙonta cewa Litinin mai zuwa za su koma makaranta, kuma takalmin na tsakiyan ya riga ya ɓare ta gaba. Ya amsa mata da cewa: "Ba damuwa Hajiya, ranar Alhamis suna hannunki." Ta biya kuɗin kaya da na kaiwa gaba ɗaya.

Da yamma, sa'ad da yaron shago ya zo haɗa kayan, sai aka ga babu baƙin takalmi lamba 34, wato na yaron tsakiyan. Na ƙarshen an sayar da shi tun ranar Asabar, ba a goge shi a littafi ba. Mai shagon ya kira dilan da yake sarar kaya a wurinsa, dila ya ce Laraba zai aiko. Ya yi lissafi a ransa: in ya zo Laraba da safe, a miƙa wa kamfani kafin azahar, Alhamis ya isa, ba wanda zai san an yi. Saboda haka bai gaya wa matar komai ba.

Laraba ta zo ta wuce, takalmi bai zo ba. Dila ya ce gobe. Jakunkuna uku da takalman yara biyu suna nan a kwali a ƙarƙashin kanta, an rubuta sunanta a kai, ba a rufe bakin kwalin ba.

## Alhamis zuwa Talata: kwana biyar

Ranar Alhamis da ƙarfe 4 na yamma ta aiko da tambaya: "Malam, kayan sun taso kuwa?" Ya amsa cikin minti biyu: "Suna hanya, Hajiya."

Ranar Juma'a ta rubuto sau biyu, da safe da kuma dare, ta kira sau ɗaya a tsakani. Ya ga saƙonnin, ya ga kiran, bai amsa ko ɗaya ba. Daga baya ya ce min jira yake ya samu labari mai daɗi kafin ya yi magana.

Takalmin ya iso shago ranar Asabar da la'asar. Yaron shago ya kai kwalin ofishin kamfanin da ƙarfe 5, ya tarar motarsu ta ƙarshe ta tashi. Ba sa aiki ranar Lahadi. Kwalin ya tashi Litinin, aka miƙa wa matar ranar Talata wajen ƙarfe 12 na rana. Daga Alhamis ɗin alkawari zuwa Talata kwana biyar ke nan, kuma yara sun riga sun yi kwana biyu a makaranta.

A jikin kwalin akwai takardar kamfanin, ɗauke da rana da lokacin da suka karɓi kaya daga mai aikowa: Asabar, ƙarfe 5:10 na yamma. Mai shagon bai taɓa kula cewa ana rubuta wannan ba.

## Talata, ƙarfe 2 na rana: saƙo na farko

Da kamfanin ya sanar da shi an kai, sai ya lalubo wani tsohon saƙo da yake ajiye a waya don irin wannan rana, ya tura kamar yadda yake:

"Barka da rana, abokin cinikinmu mai daraja. Muna ba da haƙuri idan an samu wani jinkiri wajen isowar kayanku. Hakan ya faru ne saboda matsala daga kamfanin kai kaya, abin da ya fi ƙarfinmu. Mun gode da fahimtarku. Sai mun sake jin ku."

Waya ta nuna ta karanta da ƙarfe 2:06. Ba ta ce uffan ba, ranar har dare.

## Laraba da safe: saƙo na biyu

Shirun ya dame shi. Da sassafe ya zauna ya rubuta wani, wannan karon daga kansa, kuma sai da ya cika fuskar waya har ya gangara. Ga yawancinsa:

"Hajiya don Allah ki yi haƙuri, ki yi haƙuri, ki ƙara haƙuri. Wallahi jiya ban runtsa ba saboda abin nan, raina a jagule yake. Kin san yadda harkar take. Dila ne ya yi min alkawari ya saɓa, ga yarona bai da lafiya a makon, ga kamfanin ba sa aiki Lahadi, abubuwa ne suka haɗu. Ni ba halina ba ne, ke ma shaida ce. Na ba ki ragin kashi 10 cikin 100 a duk abin da za ki saya nan gaba. Don Allah ki ce kin yafe min ko hankalina ya kwanta."

Wannan ya samu amsa bayan awa ɗaya:

"Malam, takardar da ke jikin kwalin ta ce ranar Asabar kamfani suka karɓi kayan. Ranar Alhamis da ka ce suna hanya, wace hanya? Ranar Lahadi na fita na saya wa yaron wani takalmi. Ragin ka bar shi, na gode."

Bai sake rubuta komai ba. Da ya rufe shago sai ya zo gidana da wayar a hannu.

## Laraba da dare: zaman gyara

Ya miƙo min wayar yana cewa, "Yaya, na ba ta haƙuri har sau biyu. Me kuma take so in yi, in kwanta a ƙasa?"

Na karanta hirar tun daga Litinin, sannan na ɗauko takarda na ce ya rubuta min abin da ya faru, layi ɗaya ga kowace rana, da sharaɗi guda: kowane layi ya fara da "na". Ya yi dariya, ya ce wannan ai aikin 'yan firamare ne. Amma da ya zo Alhamis sai biron ya tsaya. Ya daɗe kafin ya rubuta "na ce suna hanya alhali suna shago". Ga abin da ya fito a ƙarshe: na karɓi kuɗi ban duba kanta ba; na gano babu lamba 34 na yi shiru; na ce suna hanya; na ƙi ɗaukar waya; na kai kaya bayan mota ta tashi. Dila bai samu shiga ba, kamfanin ma haka, don babu yadda za a fara layinsu da "na".

Daga nan muka ɗora saƙonsa na farko a kan takardar muna bi kalma-kalma.

"Abokin cinikinmu" ya ce wa mace, kuma macen da ya kira Hajiya duk makon. Tun daga nan ta san saƙon ba don ita aka rubuta ba. Sai "muna". Na tambaye shi, ku su wa? Shago mai mutum biyu ne, kuma ranar Litinin ba "mu" ne ya yi alkawari ba, shi ne. Sai "idan an samu wani jinkiri". A nan muka fi daɗewa, don abu uku ne a jere kowanne da ɓarnarsa. "Idan" ta mayar da abin da ya tabbata ya zama mai yiwuwa, kamar ana jiran a bincika, alhali matar ta ƙirga kwanakin da yatsunta. "An samu" ta ɗauke mai aikatawa daga cikin jimlar, jinkirin ya zama kamar ruwan sama, ya sauko ne kawai. "Wani" kuma ta ƙanƙantar da kwana biyar. Hausa tana da wannan "an" mai daɗin fakewa: an fasa kofi, an manta, an samu matsala. Yaro ma ya san lokacin da ake amfani da ita.

"Mun gode da fahimtarku" kuwa godiya ce a kan abin da ba a ba shi ba tukuna.

Da muka koma kan na biyu sai ya ce, "Amma wannan ai daga zuciyata ya fito." Na ce ban musa ba, ƙirga min dai jimlolin da suka yi maganar halin da ita ta shiga. Ya duba, ya sake dubawa. Babu. Barcinsa yana ciki, ransa yana ciki, yaronsa da halinsa suna ciki. Yaron da ya kusa zuwa makaranta da ɓararren takalmi ba ya ciki. Kuma saƙon ya ƙare da ba ta aiki: ta yafe domin shi ya samu barci.

Na kuma tsaya da shi a kan "ki yi haƙuri" da ya jera sau uku. Kalma ce mai kyau, amma ita muke faɗa wa wanda ya yi tuntuɓe, da wanda aka yi wa sata, da wanda zazzaɓi ya kwantar. Ba ta nuna hannun mai faɗa a cikin abin da ya faru. Tana iya fitowa daga bakin mai laifi, tana iya fitowa daga bakin ɗan kallo, ba bambanci. In ba a haɗa ta da "ni na yi" ba, abin da ta ce kawai shi ne: ki daure.

Ya so ya bar maganar dila a ciki, don gaskiya ce. Na ce gaskiya ce, amma ba da dila ta yi ciniki ba, kuma da ya gaya mata tun Litinin da yamma cewa lamba 34 ya ƙare, da saɓawar dila ba ta taɓa ta ba. Tana da kwana shida ta nemi takalmi a wani wuri, sauran kayan kuma su isa ranar Alhamis. Bayani yana da wuri a saƙon, amma bayanin da ya tsaya a inda hannunsa ya kai: bai duba ba, ya ɓoye.

Inda muka yi gardama sosai shi ne jimlar Alhamis. Shi yana ganin in ya rubuta ƙarara cewa ba gaskiya ya faɗa ba, ya ba ta makami, tana iya ɗaukar hoton saƙon ta yaɗa. Ya kawo "na yi kuskuren magana", ya kawo "ban yi miki cikakken bayani ba". Na ce makamin yana hannunta tun da ta karanta takardar kwalin. Tambaya ɗaya ta yi masa, wace hanya, kuma duk saƙon da ya kewaye tambayar nan zai zama ƙarya ta biyu. Ya yi shiru yana juya biro, can ya ce, "To, a rubuta."

Saura gyaran ɓarna. Ragin da ya ba ta sai ta sake kashe kuɗi a wurinsa kafin ta ci moriyarsa, wato dai tayin ciniki ne. Na ce ya dubi abin da ta yi asara a zahiri. Ta biya kuɗin kaiwa don Alhamis, ba a kai Alhamis ba. Kuma yanzu tana da takalmi lamba 34 har biyu, ɗaya ba ta da buƙatarsa. Gyaran ya fito da kansa: a mayar da kuɗin kaiwa, a karɓi takalmin a mayar da kuɗinsa, kuma kuɗin ɗauko shi a kan shago. Na ƙara da cewa ya fara tura kuɗin kaiwar kafin saƙon, domin jimlar ta zama "na mayar", ba "zan mayar" ba. A wannan makon "zan" ɗinsa ba ta da sauran daraja a wurinta.

Abu na ƙarshe da muka cire shi ne "hakan ba zai sake faruwa ba". Ya rubuta, na ce yana da tabbas? Ya ce a'a, dila dila ne, hanya hanya ce. Abin da yake da iko a kai shi ne ya duba kanta kafin ya karɓi kuɗi, ya kuma yi magana a ranar da matsala ta taso. Muka ga ko wannan ba sai ya shiga saƙon ba, tunda ba ta ce za ta sake saya ba, kuma saka shi zai yi kama da zawarcin ciniki na gaba.

## Alhamis, ƙarfe 9:30 na safe: saƙo na uku

Ya tura kuɗin kaiwar da ƙarfe 9:20, ya ɗauki hoton rasit, sannan ya aika wannan:

"Hajiya, barka da safiya. Na yi miki alkawarin Alhamis, kayan ba su iso ba sai Talata, bayan yara sun koma makaranta, har sai da kika fita neman wani takalmi. Laifina ne. Na karɓi kuɗinki ban duba ba, ashe lamba 34 ya ƙare, kuma na ɓoye miki. Da na ce suna hanya ba gaskiya na faɗa ba, suna shago, kuma na ga kiranki ranar Juma'a na ƙi ɗauka. Na mayar miki da kuɗin kaiwa yanzu, ga rasit. In kin amince, gobe zan aiko a karɓi takalmin da ba kya buƙata, in mayar miki da kuɗinsa a ranar. Ki gafarce ni."

Bai bi shi da kira ba, bai ƙara wani saƙo ba. Na roƙe shi a kan wannan tun daren, don na san hannunsa zai yi ƙaiƙayi.

Ta karanta da ƙarfe 10. Amsa ba ta zo ba sai bayan ƙarfe 7 na dare: "Na ga kuɗin. Da ka faɗa min tun Litinin da duk ba a yi haka ba. A zo gobe bayan ƙarfe 2. Ya wuce."

## Juma'a da abin da ya biyo baya

An karɓo takalmin ranar Juma'a da ƙarfe 3, kuɗinsa ya shiga asusunta kafin ƙarfe 4. Ya aika layi ɗaya da hoton rasit, ta amsa da "na gode". Abin da ya fita daga aljihunsa duka-duka kuɗin kaiwa ne sau biyu, na zuwa da na ɗaukowa. Takalmin ya koma kanta, aka sayar wa wani a makon.

A shagon ya canza abu biyu. Ba ya tura lambar asusu sai yaron ya ɗauko kayan ya ajiye a kan tebur ya gani da idonsa. Kuma ya goge tsohon saƙon nan na "abokin cinikinmu mai daraja" daga wayarsa.

Bayan mako shida matar ta dawo ta yi odar gorar ruwa biyu. Ta ce sai kaya sun iso za ta biya, abin da ba ta taɓa nema ba a baya. Ya amince, ya kai a ranar da ya ce.

## Abin da na gani a ciki

Saƙonni biyun farko sun ba da haƙuri a kan jinkiri, alhali zuwa ranar Talata jinkiri ba shi ne babban laifin ba. Kaya kan makara, kowa ya sani, kuma yawancin masu saya suna haɗiye wannan in an gaya musu da wuri. Abin da ya ci mata rai shi ne kalmomi biyun Alhamis da shirun Juma'a, don su suka hana ta neman mafita tun da sauran lokaci. Amsarta ta ƙarshe ma abin da ta faɗa ke nan. Saƙo na uku bai fi na biyu taushin harshe ba. Na biyun ya fi shi roƙo nesa ba kusa ba. Abin da na ukun ya yi shi ne ya kira laifin da take jin zafinsa da sunansa, ya sa mai shagon a matsayin wanda ya aikata.

Wannan ya yi daidai da wani bincike da Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio da abokan aikinsa biyu suka wallafa a 2016. Sun kasa ban haƙuri kashi shida: nuna nadama, bayanin abin da ya faru, ɗaukar laifi, alkawarin sauya hali, tayin gyara ɓarna, da neman gafara. Suka gwada haɗe-haɗensu a kan mutum 755. Ɗaukar laifi ya fito a kan gaba, tayin gyara na bi masa, neman gafara ya zo ƙarshe. Saƙo na biyu ya zuba ƙarfinsa duka a kan na ƙarshen, ya tsallake na farkon. A na uku neman gafara kalma uku ce, a can ƙasa, bayan an gama biyan abin da ke gabanta.

Maganar kuɗi ta fi wuyar yankewa, don binciken da aka yi bai tafi hanya ɗaya ba. A wani gwaji da masana tattalin arziki na Jami'ar Nottingham suka wallafa a 2010, an tuntuɓi masu saya a kasuwar intanet ta eBay da suka rubuta ra'ayi mara daɗi a kan wani mai sayarwa. Waɗanda aka ba haƙuri kawai, kusan kashi 45 cikin 100 sun janye ra'ayinsu, waɗanda aka yi wa tayin ɗan kuɗi kuwa kusan kashi 23 ne suka janye. Amma a wani gwajin da John List na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa suka yi da fasinjojin kamfanin motocin haya na Uber miliyan 1.5 da aka makarar da su, baki kawai bai yi wani tasiri ba, sai da aka haɗa shi da rangwamen dala 5 a tafiya ta gaba. To me ya sa ragin ƙanena ya faɗi? A nawa ganin, fasinjan da aka makarar da 'yan mintuna ba wanda ya yi masa ƙarya, kuma gobe ma mota zai shiga, rangwamen kuɗi ne a hannu. Ita kuwa an ba ta ragi a wurin da ta riga ta yanke ba za ta koma ba, kuma an ba ta shi a madadin amsar da take jira. Kuɗin da ya yi aiki a nan shi ne wanda ya yi daidai da asararta, ya zo bayan an amsa laifi, kuma bai nemi ta sake sayen komai ba.

Gwajin na Uber ya nuna wani abu da ya shafi gaban shagon: idan aka yi ta makarar da mutum ɗaya ana ta ba shi haƙuri, ban haƙurin kan koma yana ɓata lamarin fiye da a yi shiru. Saƙon Alhamis ɗin nan sau ɗaya zai yi aiki a kan wannan matar. In aka sake, ko da kalmomi sun fi waɗannan kyau, za ta karanta su a matsayin sabon "abokin cinikinmu mai daraja". Shi ya sa ma ban yarda ya ajiye shi a waya don gaba ba, ko da yake ya so. Abin da ya sa ya karɓu, wato Alhamis da Talata da lamba 34 da kiran Juma'a, ba zai dace da kowa ba sai ita.

Akwai kuma iyakar da ya kamata a faɗa. Wannan lamari ƙarami ne: kaya sun iso, ba wanda ya ji rauni, asarar tana da adadi, mai shagon kuma shi ne mai yanke hukunci a shagonsa. Inda kaya suka jawo rauni ko ake hangen shari'a, ko inda mai rubutun ma'aikaci ne da ba shi da ikon mayar da kuɗi, ba a rubuta "laifina ne, na mayar" kai tsaye ba tare da shawara ba. Haka nan da a ce kamfanin ne da gaske ya riƙe kayan tun Laraba, ba daidai ba ne mai shago ya ƙirƙiro wa kansa laifin da bai yi ba don saƙo ya yi daɗi. Sai ya faɗi ranar da ya miƙa, ya nuna rasit, ya ɗauki nasa kason, wato shi ya zaɓi kamfanin kuma shi ya kamata ya bi sawu.

Ban kuma ce saƙon ya mayar da komai yadda yake ba. Ta ce ya wuce, ta kuma dawo, amma har yau sai kaya sun shiga hannunta take biya, shi kuma bai taɓa tambayarta yaushe za a koma yadda ake da ba.